Littafin ciwon cikina, 6 zuwa 20 ga Janairu, 2025

Suna: Sabi'u. Shekara 41. Tela ne ni, shagona na Tudun Wada, Zariya. Nauyina ranar da aka auna ni a asibiti: kilo 67. Ba na shan taba. Ina cin goro.

Abin da ya kai ni asibiti: ciwo a saman ciki, daidai ƙahon zuci, tun bayan Babbar Sallah. Yakan yi mako biyu ko uku yana damuna, ya lafa, ya dawo. Idan ya matsa sai in sayi omefirazol a kemis in sha kwana uku ko huɗu.

Abin da Likita ta ce in riƙa rubutawa kullum: lokacin da ciwon ya fara da lokacin da ya sauka, inda yake, irinsa, ƙarfinsa daga 0 zuwa 10, abin da na ci da ƙarfe nawa, duk maganin da na sha har da na gargajiya, da yadda bayan gida yake. Ta ce in ajiye omefirazol mako biyu cur, domin yana ɓoye ƙwayar cutar H. pylori a gwajin bayan gida, sai sakamako ya nuna babu alhali akwai. Idan zafi ya taso in sha farin maganin ruwa da ta rubuta, cokali biyu. Ban da ibufirofen, ban da daiklofenak, ban da asfirin. Na ciwon jiki, farasitamol kawai.

Abin da ba a jira ranar komawa a kansa: aman jini ko amai baƙi, bayan gida baƙi mai danƙo kamar kwalta, jiri har mutum ya nemi faɗuwa, ciwo mai tsanani da ya zo farat ɗaya ciki ya sandare, ko abinci ya riƙa tsayawa a maƙogwaro. Ko tsakar dare ne, asibiti.

Litinin 6
Koko da ƙosai 7:30. Ban ci komai ba sai 3:00, shinkafa da wake da mai da yaji. Ciwo ya fara wajen 12:30, ƙuna ce, ba murɗa ba, ƙarfi 5. Minti ashirin da gama cin abinci ya sauka zuwa 1. Goro ɓari biyu. Dare tuwon masara miyar kuka 8:00. Bayan gida sau ɗaya, yadda aka saba.

Talata 7
Ya tashe ni 2:10 na dare, ƙarfi 6, wuri ɗaya, zan iya ɗora yatsa a kai. Baki ya cika da yawu. Farin magani cokali biyu, kafin 2:40 na koma barci. Da rana lafiya, domin na ci awara wajen 11:00 sannan na ci abinci 2:00. Baya ya riƙe da yamma, na sha haɗin ciwon baya na kemis, ƙwaya uku, 6:00.

Laraba 8
Ranar ba daɗi. Tun asuba cikin na ci, 4. Shayi da burodi 8:00, ya ɗan lafa. Daga 11:00 ya dawo, ya kai 7 kafin azahar, da tashin zuciya amma ban yi amai ba. Gyatsa mai tsami sau da yawa. Ina kan keke sai in tsaya in danna wurin da tafin hannu, in sunkuya kan teburin, yaron shago yana tambaya ko ya kira gida. Fura da nono 1:30: sanyi ya ratsa, ciwo ya sauka zuwa 2, amma wajen 3:30 ya dawo 6. Farin magani sau biyu. Dare tuwo. Maman Abba ta ce yajin ranar Litinin ne, ta ɗauke kwalbar yaji daga inda nake cin abinci.

Alhamis 9
Babu yaji, babu goro. Duk da haka ya tashe ni 1:45, ƙarfi 5. Biskit biyu da ruwa, ya kwanta. Da rana 2 zuwa 3.

Juma'a 10
Lafiya lau har bayan masallaci. Na ci gurasa da tsire a wurin ɗaurin aure 3:00, yaji kuwa ba a magana. Na zauna jiran ciwo, bai zo ba. Ɗan ƙwannafi ne kawai da na kwanta bayan isha'i, zafi yana hawa ƙirji, 2. Wannan daban yake da wancan, Likita. Wancan a ƙasa yake tsayawa, ba ya hawa. Barci har asuba.

Asabar 11
Aiki ya yi yawa, anko ne na biki, kaya goma sha huɗu za a karɓa gobe. Koko 7:00, goro, shayi ba madara wajen 12:00, ban ga abinci ba sai 4:30. Ciwo daga 11:30, ya kai 6. Taliya da manja ta saukar da shi. Haɗin ciwon baya 7:00 na yamma, na ƙara wani 11:00 na dare domin na kwana ɗinki.

Lahadi 12
Mafi muni tun da na fara rubutu. 3:00 na dare ƙarfi 8, da zufa duk da sanyin hunturu. Amai sau ɗaya, ruwa ne mai ɗaci da guntun taliya. Na haska da fitilar waya na duba: babu jini, ba baƙi ba ne. Farin magani, bayan rabin sa'a ya sauka zuwa 5, ya yini yana yawo tsakanin 4 da 5. Ciki bai sandare ba, ina iya tafiya. Bayan gida sau ɗaya, ruwan ƙasa. Kunun gyaɗa da safe, faten dankali da rana, ban iya cinyewa ba.

Hajiya ta aiko da jiƙon kanwa da sassaƙe a gora. Na kurɓi kusan rabin kofi 5:00 don kada ranta ya ɓaci. Ya sa gyatsa, ciwon ya ɗan yi sauƙi na ɗan lokaci. Ban san itacen da ke ciki ba, na ajiye sauran zan kawo.

Litinin 13
Da na buɗe littafin ina duba makon jiya sai na ga ranakun nan biyu masu zafi, Laraba da Lahadi, kowace ta biyo bayan haɗin ciwon baya. A leda ake ƙulla mini shi, babu kwali babu suna: fara ɗaya, ruwan ɗorawa ɗaya, da wata ƙarama. Na biya ta kemis ɗin na ce ya nuna mini kwalayen da yake ɓallowa. Farar farasitamol ce, ƙaramar bitamin, ruwan ɗorawar kuma daiklofenak mai miligiram 50. Na ɗauki hoton kwalin a waya. Tun wajen azumin bara nake shan haɗin nan, mako bai cika wucewa ban sha sau biyu ko uku ba, yawanci cikina babu komai, lokacin ɗinkin Sallah kuwa kusan kullum. Ranar da kika tambaye ni ko ina shan maganin ciwon jiki na ce sai jefi-jefi, don a ce mini sunansa ban sani ba. Daga yau na daina.

Ciwo yau 4 da hantsi, 2 bayan abinci.

Talata 14
Dare 2:30, ƙarfi 4. Farin magani. Na fara ajiye dafaffen ƙwai da ayaba a shago, ina ci 11:00. Da rana 1.

Laraba 15
Babu ciwo. Baya ya dame ni, farasitamol biyu 5:00, ya rage amma bai kai wancan ba. Na sa matashi a kujerar keke.

Alhamis 16
Na saba azumin Litinin da Alhamis kafin ciwon nan, yau na gwada. Sahur 5:00, tuwo ɗumame da shayi. Lafiya har 11:00. Daga nan ƙuna ta fara a hankali, 3 da azahar, 6 da la'asar. Na daure har magariba. Dabino da kunu, cikin rubu'in sa'a ya sauka zuwa 1. Yau babu daiklofenak kwana biyar, babu yaji, babu goro, ciwon kuma ya zo. Ke nan ƙwayar daiklofenak ba ita kaɗai ba ce. Ita tana ƙara masa wuta, amma ko babu ita, da ciki ya zama wayam yake tasowa.

Juma'a 17
0 duk yini. Ɗanwake da mai da yaji 1:00, bai yi mini komai ba. Maman Abba ba ta yarda ba har yanzu, ta ce yaji a hankali yake aiki. Na ce to a bar wa Likita.

Asabar 18
Rigima da mai kaya a kan kuɗin ɗinki tun safe, raina ya ɓaci ƙwarai, kuma abincin rana ya kai 3:30. Ciwo 5 daga 1:00. Ban iya rabe ko ɓacin ran ne ko yunwar ba, shi ya sa na rubuta duka. Goro ɓari ɗaya 12:00, ina jin ya ƙara, domin ƙunar ta fara ba da jimawa ba. Bayan gida ya yi tauri, sai da na yi nishi, launi yadda aka saba. Kwana uku ke nan ina shan farin magani ba sosai ba, don haka ban ce shi ne ba.

Lahadi 19
Dare 2:00, ƙarfi 3, ban sha komai ba, ruwa kawai, ya wuce da kansa. Na auna nauyi a kasuwa, kilo 66, amma sikelin ba irin na asibiti ba ne kuma ina cikin rigar sanyi. Cin abinci bai ragu ba, sai dai ranar Lahadin can.

Wani abu da ban faɗa ba ranar farko domin ba a tuna mini ba sai yau: Hajiya ta ce marigayi Baba ya yi fama da gyambon ciki shekaru, har an taɓa ƙara masa jini. Yayana ma yana shan omefirazol a kai a kai. Gida ɗaya muka tashi, kwano ɗaya muke ci.

Litinin 20, ranar komawa
Barci lafiya. Koko 6:30. Ciwo 0. Rabona da omefirazol tun 4 ga wata. Ban sha wani maganin kashe ƙwayoyin cuta ba tun kafin Disamba, kin ce shi kuma mako huɗu ake so kafin gwaji. A jaka akwai ledar haɗin da ta rage, gorar jiƙon Hajiya, da kwalbar farin magani, saura kusan kashi ɗaya cikin uku.

Tambayoyina, kada in manta idan na shiga:

Idan gwajin ya nuna akwai H. pylori, kwana nawa ne maganin, kuma za a sake gwaji bayan na gama don a tabbatar ta mutu? Maman Abba da yara fa, su ma sai an gwada su?

Da irin ciwon daren nan da tarihin Baba, akwai buƙatar a zura na'urar leƙa ciki ta baki, ko sai an ga yadda magani ya yi? Idan akwai, ina so in san kuɗin tun yanzu.

Me zan riƙa sha na baya? Farasitamol ba ya riƙe ni idan na yini a kan keke, ga ɗinkin Sallah na tafe.

Nono da fura suna kwantar da shi sannan ya dawo. In ci gaba ko in bari? Goro fa?

Azumi saura kamar mako shida. Idan na fara magani yau, zan iya ɗauka? Idan zan iya, omefirazol kafin sahur zan sha ko bayan shan ruwa?