Bayanin taron Talata 9 ga Satumba: abin da aka yanke, mai kowane aiki da ranar gamawa

Daga: Maryam, ofishin Manaja
Zuwa: Alhaji Kabiru, Hajiya Rabi, Malam Sani, Malama Hadiza, Malam Nura, Malam Yusuf
Kwafi: Malam Garba
Rana: Laraba, 10 ga Satumba, 2025

Assalamu alaikum,

Da fatan an tashi lafiya. Ga abin da aka tsayar a zaman jiya kan rashin daidaito tsakanin littafin sito da kayan da ke cikin siton. An fara da ƙarfe 10:00, an tashi 12:20, Alhaji Kabiru ne ya jagoranta. Malam Garba bai samu zuwa ba saboda tafiya, amma akwai aiki biyu da suka faɗo kansa, shi ya sa na saka shi a kwafi. Duk wanda ya ga na rubuta abin da ba haka aka ce ba, ya gyara mini kafin ƙarfe 4:00 na yammacin gobe Alhamis. Bayan nan, abin da ke cikin wannan saƙo shi za a bi.

Ga wanda bai halarta ba, asalin maganar shi ne Hajiya Rabi ta ɗauki nau'in kaya 30 cikin 214 da muke ajiyewa, ta gwada adadin da ke littafi da wanda ke cikin sito, 11 ba su dace ba. Guda 8 sun kasa, 3 kuma sun fi abin da aka rubuta. Waɗannan ukun su suka fi ɗaukar hankali, domin kayan da ya ɓace ba ya ƙaruwa. Ke nan aƙalla wani ɓangare na matsalar daga rubutu yake: ana shigo da kaya ko ana mayar da su ba a rubuta ba. Alhaji ya ce a rubuta a fili cewa zaman bai zargi kowa ba, kuma ba ya son ya ji ana nuna wani da yatsa kafin a yi ƙidaya. Na rubuta.

Shawara ta 1: za a ƙidaya duk kayan sito ranar Asabar 20 da Lahadi 21 ga Satumba.

Wannan ita ce babbar magana, kuma a kanta aka fi daɗewa. Daga ƙarfe 5:00 na yammacin Juma'a 19 ga wata za a rufe sito, ba shiga ba fita, sai safiyar Litinin 22. Malama Hadiza ta nemi a bar ƙofa ɗaya don odar gaggawa. An tattauna, aka ƙi, saboda kwali ɗaya da ya fita ana tsakiyar ƙidaya ya isa ya sa a sake ƙirga layin gaba ɗaya.

Masu ƙidaya za su yi aiki biyu-biyu, ɗaya na ƙirgawa ɗaya na rubutawa, kuma takardar da za a ba su suna da lambar kaya kawai za ta ƙunsa, ba za a sa adadin da ke littafi ba. Hajiya Rabi ta dage kan wannan, kuma a ganina tana da gaskiya: mutum in ya san ana sa ran 40, idonsa 40 zai gani. Duk nau'in da adadinsa ya saɓa wa littafi, wasu mutum biyu daban za su sake ƙirga shi ranar Lahadi. Ma'aikatan sito za su nuna inda kaya suke, amma ba su za su ƙirga layin da suke kula da shi ba.

- Malam Sani: jera sito, kowane nau'i wuri ɗaya, a liƙa lamba a kowace kanta, a ware kayan da suka lalace da waɗanda aka dawo da su a kusurwa ɗaya. Zuwa Laraba 17 ga Satumba.
- Hajiya Rabi: buga takardun ƙidaya masu lamba a jere, da sunayen mutum 8 da za su ƙirga. Zuwa Alhamis 18.
- Malama Hadiza: sanar da abokan ciniki cewa duk odar da ake so a kai kafin Litinin 22 ta shigo kafin azahar ɗin Alhamis 18. Sanarwar ta fita zuwa Juma'a 12, wato jibi.
- Malam Garba: a kira masu kawo mana kaya, kada wata mota ta iso tsakanin yammacin 19 da safiyar 22. Zuwa Litinin 15.
- Hajiya Rabi: rahoton bambancin da aka samu, nau'i-nau'i, a kan teburin Alhaji. Zuwa Juma'a 26.

Alhaji ya amince duk wanda ya yi aikin kwana biyun ya ɗauki hutun kwana biyu a watan Oktoba, ba duka lokaci ɗaya ba. Ni zan tsara jadawalin in turo zuwa 24 ga wata.

Shawara ta 2: kaya ba za su fita sito ba sai da takardar fitarwa mai sa hannu.

Daga Litinin 22 ga Satumba, kiran waya ko saƙon WhatsApp ba ya fitar da kaya, ko daga wa ya zo. Alhaji ya ce har shi kansa. Takardar kwafi uku ce: na farko ya tsaya a sito, na biyu ya tafi ofishin akanta a ranar, na uku ya bi direba, abokin ciniki ya sa hannu a dawo da shi. Malam Nura ya yi bayanin da ya buɗe wa mutane ido: idan abokin ciniki ya ƙi karɓar wani ɓangare na kaya, direba yakan dawo da su da yamma, sau da yawa bayan an tashi daga ofis, ya sauke a bakin sito, washegari a ɗora su a kanta ba wanda ya rubuta. Wataƙila nan ne rarar nau'i ukun ta fito. Don haka kayan da aka dawo da su ma za su samu tasu takarda, kuma ba za su hau kanta ba sai Malam Sani ya sa hannu.

- Malam Sani: tsara yadda takardun biyu za su kasance, ya nuna wa Hajiya Rabi. Zuwa Juma'a 12.
- Malam Garba: bugo littattafan takardun bayan Hajiya ta amince. Su iso ofis zuwa Alhamis 18.
- Malam Nura: zama da direbobi ya nuna musu yadda ake cikawa. Juma'a 19, da safe kafin motoci su fita.

Malam Garba, wa'adin 18 ɗin nan a matse yake, kuma an sa shi ba ka nan. Idan maɗaba'a ba za ta iya ba, don Allah ka gaya mini zuwa Litinin, sai mu buga na wucin gadi a ofis mu sa musu lamba da hannu.

Shawara ta 3: fayil ɗaya tak.

A yanzu sito na da littafinsa, sashen ciniki na da nasa fayil, akanta ma haka, kuma kowa na ganin nasa ne daidai. Daga 22 ga wata fayil ɗaya ne, Sito_2025.xlsx, a ma'ajiyar ofis ta bai ɗaya, kuma adadin da ƙidaya ta bayar shi ne adadin farawa. Mutum biyu kawai za su iya canza abin da ke ciki, Malam Sani da Hajiya Rabi, sauranmu karantawa kawai. Littafin hannu na sito zai ci gaba har ƙarshen Oktoba, ana gwada shi da fayil ɗin kowace Juma'a.

- Malam Yusuf: buɗe fayil ɗin, saita izinin kowa, da ajiyar kwafi kullum da yamma a wani wuri daban. Zuwa Laraba 17. An kuma roƙe shi ya gwada dawo da fayil ɗin daga ajiya sau ɗaya a gaban Hajiya Rabi, a tabbatar yana buɗewa.
- Malama Hadiza: tura wa Malam Yusuf jerin sunayen kaya yadda abokan ciniki ke kiran su, domin wasu kayan suna biyu gare su, sito na kira da ɗaya, sashen ciniki da ɗayan. Zuwa Litinin 15.

Shawara ta 4: kayan da wa'adinsu ya fi kusa su ake fara fitarwa.

Ba a yi gardama a kai ba. Lokacin ƙidaya za a rubuta ranar ƙarewar wa'adi a gefen adadi, duk abin da ya rage masa ƙasa da kwana 90 a sa masa jan tambari a matso da shi gaba. Malam Sani zai ba Malama Hadiza jerin zuwa Laraba 24, ita kuma ta kawo shawarar yadda za a sayar da su a zama na gaba.

Abin da ba a yanke ba

Maganar sayen manhajar kula da sito da na'urar karanta lambar kaya an ɗage ta. Malam Yusuf na ganin ita ce maganin dindindin, kuma ba wanda ya musa masa. Hajiya Rabi ta ce duk manhajar da aka zuba wa adadin da ba daidai ba, kuskuren za ta riƙa maimaitawa cikin sauri. Alhaji ya yanke cewa a ga rahoton ƙidaya tukuna, a kuma ga ko takardun fitarwa sun zauna. Malam Yusuf zai kawo bayanin manhaja biyu ko uku da abin da kowace ke buƙata, shafi ɗaya kowace, zuwa Juma'a 3 ga Oktoba. Kada a kira kowane mai sayarwa ya zo nuni kafin lokacin.

Sai batun makullin sito. A zaman ne aka gano makullai huɗu ne a hannun mutane, alhali biyu aka sani. Kowa ya yarda a rage, amma an tashi ba a faɗi wa zai karɓo su ba, ko za a canza kwaɗon ne gaba ɗaya. Alhaji, ranka ya daɗe, wannan na jiran hukuncinka, kuma zai fi kyau a san matsaya kafin a rufe sito ranar 19, in ba haka ba rufewar ta baki ce kawai.

Za ku lura suna ɗaya na sa a gaban kowane aiki, har inda aka ce "sito da akanta su duba tare". Wanda sunansa ke wurin shi zan tambaya, ko da wani ne zai taya shi. Wanda ya ga ranar da aka sa masa ba za ta yiwu ba, ya faɗa tun yanzu a gyara, musamman ayyukan 17 da 18, domin ƙidayar a kansu ta rataya. In an gama aiki, a amsa wannan imel ɗin da layi ɗaya, a bar kowa a kwafi. Zan bi waɗanda ban ji daga gare su ba ranar Talata 16 da kuma Alhamis 18 da safe.

Zama na gaba Talata 30 ga Satumba, ƙarfe 10:00, a ɗakin taro. Ajanda: rahoton ƙidaya, makon farko na takardun fitarwa, da kayan jan tambari. Mai son a ƙara wani batu ya turo mini zuwa Juma'a 26.

Na gode, a huta lafiya.

Maryam
Sakatariya, ofishin Manaja