Takarda Zuwa ga Malaman Yaƙi da Jahilci: Inda Ake Sa Babban Harafi

Maradi, 14 ga Janairu

Malamai, barkanmu da aiki. Na gama duba labarai 32 da kuka turo daga Tasawa, Madarunfa, Gidan Runji da cikin gari domin littafin karatun da za mu buga wa manya. Labaran sun yi armashi, sai dai jan birona ya kusa ƙarewa a kan babban harafi. Shi ya sa na ce bari in rubuto muku, mu tsaya a kan ƙa'ida guda kafin a kai wurin ɗab'i.

Na farkon jimla kowa ya san shi: bayan aya, bayan alamar tambaya, bayan alamar motsin rai, da farkon maganar da aka ɗauko daga bakin wani. Ya ce, "Ku shigo." Waƙafi ba ya jawo babban harafi. Abin lura a nan shi ne haruffa masu lanƙwasa, don su ma suna da manyansu: Ɓ, Ɗ, Ƙ da Ƴ. Wata jimla ta zo mini "Kasa ta yi albarka," alhali Ƙasa ake nufi. Mai karatu sai ya ɗauka maciji ne. A littattafan Nijeriya za ku ga 'Y a madadin Ƴ, duk sauti ɗaya ne. Sh da ts kuwa, harafin farko kawai ke girma: Shehu, Tsibiri.

Inda muka fi tuntuɓe shi ne watanni da harsuna, kuma na san dalili. Yawancinmu a lakwal muka fara riƙe alli, kuma Faransanci da ƙaramin harafi yake rubuta sunan wata, da na rana, da na harshe. Hannu ya saba, sai ya kawo sabon cikin Hausa. Ɗalibanmu da suka taso da ajami su ma ba su san wannan rabon ba, tunda harafin Larabci ba shi da babba da ƙarami. To, mu a littafin nan za mu bi abin da aka saba gani a littattafai da jaridun Hausa: sunan wata suna ne, kamar na mutum. Nijar ta samu ƴancin kai ran 3 ga Agusta 1960, ana bikin Jamhuriya ran 18 ga Disamba. Haka Muharram, Ramadan, Shawwal, haka Litinin da Juma'a. Kalmar "wata" ko "ran" da ke gabansu ƙarama ce.

Wani malami ya rubuto, "mayu ya kama da zafi." Na karanta wa ajin dare a unguwar Zariya, wata dattijuwa ta ajiye fensir ta ce, "Malam, wa suka kama?" Ta ɗauka masu kama kurwa ne. Da na goge na sa Mayu a allo, ita ce ta fara dariya, kuma tun ranar ba ta sake mantawa ba. Ku gwada wannan misali da ɗalibanku.

Sunan al'umma da harshenta duk da babba suke, namiji da mace da jam'i: Bahaushe, Bahaushiya, Hausawa, Bagobiri, Gobirawa, Katsinawa, Zabarmawa, Fulani, Barebari. Harsuna ma haka: Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Larabci, Faransanci. Kada ku tsaga kalmar ku rubuta baHaushe, babban harafin a kan Ba yake zama. Na ga an girmama Faransa a jimla, an bar hausa da ƙarami a layin da ke ƙasa, abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Sarauta da laƙabi suna son natsuwa. In laƙabin ya manne da suna, ko yana nufin wata kujera takamaimai, babba ne: Sarkin Katsinan Maradi, Sarkin Gobir, Malam Isa, Hajiya Rabi. In ana maganar kowa da kowa ne, ƙarami: "kowane sarki yana da fadawa," "malamai sun taru." Ɗan da ke cikin suna shi ma babba ne, kamar Ɗan Kasawa, amma "ɗan kasuwa" ƙarami.

A taken labari, ku girmama farkon kowace kalma mai nauyi, ku bar ƙanana irin su da, na, ta, a, ga, sai in su suka buɗe taken: Noman Gyaɗa a Gulbin Maradi. Kada ku cika take da manyan haruffa tun daga farko har ƙarshe, sabon mai karatu yana wahala da su.

Kowa ya gyara nasa labarin da hannunsa, ya maido mini kafin ran Asabar 25 ga wata. Wanda wayarsa ba ta da haruffa masu lanƙwasa, ya rubuto a kaye, zan buga masa.

Naku,
Mai kula da littafin