Jawabin wakilin aji ga ɗaliban tattalin arziki na shekara ta uku

Assalamu alaikum, barkanmu da rana. Don Allah waɗanda suka miƙe su koma su zauna, minti biyar kawai nake nema, kuma yau ba maganar karɓar kuɗi ba ce.

Maganar Makro ce. Kowa ya je allon sanarwa ya ga sakamakon gwajin farko. Waɗanda suka haye rabin maki ba za su cika benci biyu ba a ajin nan. Kwas ne na dole, yunit uku. Wanda ya faɗi, baɗi zai dawo ya zauna da ƙannensa, alhali ga furojet a gabansa. Saura mako shida jarrabawa.

Ni a ganina ba rashin ƙwaƙwalwa ke damunmu ba, hadda ce. Da ita muka haye shekara ta ɗaya da ta biyu, amma wannan kwas ba ya jin hadda. Wa ke nan da ba zai iya kawo Y = C + I + G + (X − M) da ka ba? Babu. To ku tuna tambaya ta biyu a gwajin. Gwamnati ta ƙara kashe naira biliyan 100, jama'a kuma na kashe kobo 80 cikin kowace naira da ta ƙaru musu. Da yawanmu mun samu 1/(1 − 0.8), wato ninki biyar, biliyan 500. Sai Dakta ya ce to a sa harajin kashi 25 cikin ɗari a kan kuɗin shiga. Nan aji ya yi tsit, sai ƙarar fanka. Amsar biliyan 250 ce, don ninkin ya sauko biyu da rabi. Mutum nawa ne za su iya fitowa yanzu su nuna mana yadda aka yi?

Ga kuma IS-LM. Hicks ya zana shi tun 1937 don ya sauƙaƙa wa mutane fahimtar abin da Keynes ya rubuta a 1936. Sauƙaƙawa fa aka ce! Mu kuwa har yau in Babban Banki ya rage kuɗin da ke yawo, rabinmu sai su tura layin IS, alhali LM ne ke matsawa hagu, kuɗin ruwa ya hau. Wanda bai riƙe wannan ba, in aka shigo da canjin dala cikin lissafin mako mai zuwa, shi da fahimta sai dai wani ikon Allah.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, babu darasin da muka rayu a cikinsa kamar wannan. Mun sha layin banki lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023. Ranar 29 ga Mayun shekarar aka ce tallafin mai ya tafi, a watan Yuni aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Zuwa Disambar 2024 hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin ɗari, Babban Banki kuma ya ɗaga kuɗin ruwa daga 18.75 zuwa 27.5 a cikin shekarar. To shin tsadar kuɗin ruwa na sauke farashin kwanon masara, in asalin tsadar daga kuɗin mota ne da manoman da suka kasa zuwa gona? Kullum muna wannan musun a wurin mai shayi. A kawo shi gaban allo mana, a yi shi da zane, don irinsa ake tambaya.

Ga abin da nake roƙo. Mu kasu rukuni-rukuni, mutum shida ko bakwai, kada a wuce haka, in an yi yawa hira ake komawa. Talata da Alhamis bayan la'asar, a ƙaramin ajin da ke bayan laburare, mu tashi kafin magariba saboda 'yan'uwanmu mata da masu zuwa daga cikin gari. Masu coci da yamma ranar Alhamis, Grace za ta haɗa ku Asabar da safe. Sharaɗi ɗaya ne: kowa sai ya riƙe alƙalamin allo ya warware tambaya a allo, ko da kuskure zai yi. Ba tutoriyal ba ne da mutum ɗaya zai yi ta surutu saura na kwafa.

Hauwa, Sadiq, Emmanuel, na san kun ci gwajin nan da kyau, kuma na san wani zai ce ɓata masa lokaci za a yi. Ku zo ku gwada bayyana wa mutum shida dalilin da ya sa LM ke hawa sama, za ku gano inda naku karatun ke yoyo.

Tambayoyin shekarun baya suna hannuna, yau da dare zan tura su zauren WhatsApp na aji. Takarda ga ta nan ta fara zagayawa daga layin gaba: suna, lambar waya, da ranar da ta fi maka sauƙi. Talata da ƙarfe huɗu da rabi za mu fara, da tambaya ta biyun nan. A zo da kalkuleta da rula. Na gode.