Sharhin Wasa: Fagge da Gwale, An Tashi Babu Ci

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a rage sauti)

MAI GABATARWA: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Jiya da la'asar sakaliya aka kece raini a filin wasa na Sabon Gari tsakanin yaran Fagge masu jar riga da yaran Gwale masu fara, minti 90 har da ƙarin lokaci aka tashi canjaras babu ci. Tun daren jiya saƙonni ke shigo mana, wasu na cewa asarar kuɗin adaidaita kawai suka yi. Koci barka da zuwa, kai ma haka ka gani?

MAI SHARHI: Barka kadai Malam. Wallahi ni ban yi asara ba, na ma ji daɗin wasan, amma na fahimci mai ƙorafin saboda yawancinmu idan mun je kallo ƙwallon kawai muke bi da ido, inda ta je nan idonmu zai je. To wasan jiya wanda ya riƙe shi kusan bai taɓa ƙwallo sosai ba, wato lamba shidan Fagge, wani siririn yaro da ya naɗe hannun rigarsa.

MAI GABATARWA: To fara mana daga tushe, don akwai iyayenmu mata da dattawa da ke saurare waɗanda in aka ce 4-3-3 sai su ɗauka lambar waya ce.

MAI SHARHI: Abin ba wuya. Kowace ƙungiya mutum goma sha ɗaya ce, cire gola saura goma, to waɗannan lambobin yadda koci ya raba goman ne daga baya zuwa gaba. Gwale sun ajiye huɗu a baya, uku a tsakiya, uku a gaba, shi ne 4-3-3, tsarin wanda ya zo neman ci. Fagge kuma huɗu a baya, biyar a tsakiya, suka bar sitiraika ɗaya tilo a gaba. Ka ga tun kafin a hura usur tsakiyar fili ta zama biyar da uku, kuma cikin biyar ɗin nan aka ware lamba shida aka ce kada ya je ko'ina, ya tsaya gaban masu tsaron baya kamar mai gadin ƙofa.

Su Gwale duk wasansu ta hannun lamba gomansu yake bi, shi ke karɓa ya juya ya raba, irin aikin da Rabi'u Ali ya daɗe yana yi wa Pillars, waɗanda suka ga shekarun 2012, 2013 da 2014 da Masu Gida suka ɗauki kofin firimiya sau uku a jere sun san abin da nake nufi. To yaron nan na Fagge bai manne masa a jiki ba, abin da ya burge ni ke nan, sai ya dinga tsayawa a kan hanyar da ƙwallo za ta bi ta same shi. Ni ina zaune daidai layin tsakiya, na ga sau da dama difendan Gwale ya ɗaga kai zai ba lamba goma, sai ya ga jar riga a tsakaninsu, sai ya fasa ya mayar gefe. Mai kallo zai ce ba abin da ya faru, alhali hari guda aka kashe tun bai taso ba.

MAI GABATARWA: Amma Koci gefen ai a buɗe yake, kowa ya ga Gwale suna ta zuba kuros.

MAI SHARHI: Da gangan aka bar musu! Fagge sun matse tsakiya suka ce ga gefe nan ku bi, saboda sun san lamba taran Gwale gajere ne, gudu gare shi da iya yanka amma ba shi da ka, su kuma 'yan bayansu biyu na tsakiya dogaye ne ƙarti. Duk ƙwallon da aka ɗago sama kamar sadaka aka ba su, ga iskar hunturu tana kaɗa ta, rabi ma a hannun gola take ƙarewa. A nan ne nake ganin kocin Gwale ya yi jinkiri, kuma ina faɗa da girmamawa, minti 45 ana buga abu ɗaya ba ya aiki, ya kamata tun kafin hutun rabin lokaci ya ce wa 'yan gefensa su daina ɗagawa, su kai ta har layin ƙarshe su dawo da ita a ƙasa.

MAI GABATARWA: Sai kuma ƙwallon da aka soke a minti na 38, wadda ta kusa tada hankali.

MAI SHARHI: Satar gida ce, rafari da mai tuta sun yi daidai. Dokar ita ce lokacin da ɗan uwanka ya bugo maka, ba lokacin da ta iso ka ba, kada ka fi ƙwallon da kuma mutum na biyun ƙarshe na abokan hamayya kusa da layin ragarsu, kuma galibi gola shi ne na ƙarshen. 'Yan bayan Fagge huɗu sun tako gaba tare kamar an ja su da igiya, lamba tara ya tsinci kansa shi kaɗai. Wannan sai an sha tirenin a kai, in mutum ɗaya ya makara da taku ɗaya ci ne.

MAI GABATARWA: Wani ya rubuto daga Kurna yana cewa Fagge tsoro suka ji, tare gida kawai suka zo yi.

MAI SHARHI: Tare gida ai ba laifi ba ne a ƙwallo ɗan uwa. A gidajen kallo har yau ana tuna 2010 da Inter ta Mourinho ta je gidan Barcelona, aka kori mutum ɗaya suka ƙarasa da goma, aka ci su ɗaya amma su suka wuce. Inda zan yarda da kai shi ne Fagge sun iya rabin aikin ne kawai. In ka ƙwace ƙwallo dole mutum biyu ko uku su fita da gudu su taya na gaba, su kuwa sai su ɗaga ta can su bar yaro shi kaɗai tsakanin mutum biyu, ya yi ta gudu har na tausaya masa, wajen minti na 60 hannunsa na kan ƙugu yana haki. Sau ɗaya tak lamba takwas ya bi shi, a minti na 71, kuma ka ga abin da ya faru, ƙwallo ta daki turke ta dawo, duk filin aka ɗora hannu a ka.

Bayan hutu Gwale sun ja lamba goma baya don ya samu ƙwallo, da fatan lamba shida zai biyo shi ya bar gurbi. Yaron ya ƙi tafiya, ya nuna wa na gabansa da hannu ya ce kai riƙe shi. Sai lamba goma ya samu ƙwallo sosai amma nesa da raga inda ba zai cutar da kowa ba. Sai a minti na 80 da aka sako ɗan gefe sabon jini aka fara dawo da ita a ƙasa, nan take aka samu dama biyu, ɗaya golan Fagge ya ture da ƙafa. Da canjin nan ya zo da wuri ina jin Gwale za su ci.

MAI GABATARWA: To wa ya fi cin ribar wannan maki ɗai-ɗai?

MAI SHARHI: Fagge, don abin da suka shirya shi ya faru. Amma zagaye na biyu a gidan Gwale ne, kuma yanzu an gane inda ƙofar take.

MAI GABATARWA: Madalla Koci, Allah ya saka da alheri. Masu sauraro za mu je talla, in mun dawo layukanmu a buɗe suke, mutanen Gwale muna jiran ku musamman a kan maganar canjin nan na minti 80.

(Kiɗa, sannan talla)