Tsarin koyon CAD cikin wata 3 da laftop kawai

Auta, ga tsarin koyon CAD, wato zanen gini da kayan ƙira a kwamfuta, da na ce zan turo maka. Laftop ɗinka mai RAM 8GB ta isa, sai dai don Allah ka leƙa kasuwar Wunti ka sayi maus mai taya a tsakiya, da tayar nan ake matso da zane kusa a kuma ja shi gefe. Tunda kai ɗalibi ne ka yi rajista a shafin Autodesk, suna ba ɗalibai manhajar zane ta AutoCAD kyauta ta shekara 1, kar ka bari a zuba maka na sata.

Awa 2 kullum bayan sallar asuba, ran Juma'a ka huta. In an kawo wuta ka cika caji ka sauke bidiyoyin da za ka bi, amma kallo kar ya wuce minti 20, sauran lokacin hannunka na kan maus.

Watan farko layi ne kawai. Ka fara da `UNITS` ka saita milimita, sai `LINE`, `CIRCLE`, `OFFSET`, `TRIM`, `COPY`, `FILLET`, kana rubuta su da kibod har yatsunka su saba, `F8` kuma shi ke miƙe maka layi. Daga sati na 3 ka ari tef ɗin awo ka auna ɗakinka na Gwallameji ka zana shi, kuma nan ne nake so ka daɗe, don ranar da ka auna bango biyu ka zo haɗa kusurwa ta ƙi haɗuwa saboda ka manta kaurin bulo, ranar ka fara koyo da gaske. Bulo mai inci 9 ana zana shi 225, mai inci 6 kuma 150, ƙofar ɗaki galibi 900. Ni sai da na sake nawa sau 4.

Wata na 2 ka ɗauki fili 50 da 100, kusan mita 15 da 30 kenan, ka zana gida mai ɗaki 2 da falo. Bango, ƙofofi, tagogi da awo kowanne da `LAYER` ɗinsa, kar ka jibge komai wuri ɗaya. Ka fitar da PDF a sikeli 1:100 kan A3, ka buga a shagon kwamfuta ka kai wa birkila ya karanta, duk inda ya tsaya yana tambayarka to wurin bai fito ba, koma ka gyara.

Wata na 3 sai 3D. Sauke FreeCAD, shi kyauta ne ga kowa. A `Part Design` za ka zauna, ka yi zane a `Sketcher` kana sa masa awo har ya koma kore, sai `Pad` ya ba shi kauri `Pocket` ya huda. Fara da wosha da fatar ƙofa, sati 2 na ƙarshe ka zana gyat ɗin gidanmu yadda mai walda zai yanka ƙarfe ba tare da ya kira ka ba.

Duk Asabar ka kwafe aikinka a filash, ka turo min PDF ɗin satin ta WhatsApp in duba.