Neman Rancen Sayen Injinan Kwale-kwale

Ƙungiyar Gama Kai ta Masunta,
Bakin Ruwa, Yauri, Jihar Kebbi.
14 ga Oktoba, 2024.

Zuwa ga Manajan Banki,
Reshen Yauri.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, muna neman rancen naira miliyan 15 domin sayen injina 6, kowane mai ƙarfin doki 15, mu ɗaura wa kwale-kwalenmu.

Mu 42 ne, kuma har yau da hannu muke tuƙi. In ruwa ya ja baya, kifi na komawa can cikin tafkin Kainji. Mutum zai tashi tun asuba, bai dawo ba sai la'asar, ƙarfasa da giwan ruwan da ya kamo sun fara laushi, dole a yi banda ko a sayar da araha. Ga iskar damina, wadda bara ta kifar mana da jirgi ɗaya; Allah ya tsare, ba a rasa rai ba. Da inji, kafin hantsi kifinmu yana kasuwa ɗanye.

Mun tara naira miliyan 3 a asusunmu da ke wurinku. Za mu biya cikin wata 24, duk ranar kasuwa. Injinan su ne jingina, Sarkin Ruwa kuma ya yarda ya tsaya mana.

Allah ya ƙara girma.

Naku,
Shugaba da Sakatare,
a madadin ƙungiya.