Neman Afuwa kan Jinkirin Littattafan Ajiyar Albasa da Sabuwar Ranar Kawowa

Yamai, Talata 6 ga Mayu

Zuwa ga Alhaji Shugaban ƙungiyar manoman albasa, Tahoua

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ina gajiya, ya zafi, ya jama'ar ƙungiya?

Mun yi da kai cewa littattafai 600 na koyar da ajiyar albasa a rudu za su iso Tahoua jiya Litinin 5 ga wata. Ba su iso ba, kuma sai da yamma muka sanar da kai ta waya, alhali tun ranar Asabar ya kamata ka ji. A yi mana afuwa a kan duka biyun. Sabuwar ranar da muke ba ka ita ce Asabar 10 ga Mayu, in Allah ya yarda.

Tun daren Alhamis wutar unguwarmu take ɗaukewa tana dawowa. Ranar Juma'a da Asabar ba mu samu awa uku a jere ba, kuma in ta dawo sai ta zo da rauni, mita tana nuna bolt 170 zuwa 180 maimakon 220. Injin bugunmu na leza ne, yana da wani nadi mai zafi da ke manna garin tawada a jikin takarda. Da wuta mai rauni nadin ba ya kai zafin da ake buƙata, sai rubutu ya fito kamar lafiya lau amma yana gogewa da yatsa. In kuma wutar ta yanke ana tsakiyar bugu, takarda takan maƙale a ciki, sai an jira injin ya huce kafin a zaro ta. Ganye kusan 200 muka zubar ta haka. Gurub ɗin da muke da shi mai kilowat 3 ne, yana riƙe fitilu da ordinatoci, amma injin na fara ɗumama yake shaƙewa ya mutu. Rezo ma ya bi wutar, shi ya sa samfurin bango da muka so turo maka tun Juma'a bai tafi ba sai safiyar yau.

Kowane littafi shafi 24 ne, wato ganyen A4 shida da ake bugawa gaba da baya a naɗe biyu. Cikin littattafai 350 ya kammala, an duba, an jera. Saura 250, ganye 1500 ke nan. Bango kuwa ko ɗaya ba a buga ba, don ba ma taɓa takarda mai kauri sai mai aiki ya ga samfuri ya amince.

Ba za mu sake jingina wannan aiki da wutar gari ba. Mun ɗauki hayar gurub mai kilowat 10 mai shan gazuwal, za a kawo shi gobe Laraba da safe, ya zauna wurinmu har Juma'a. Laraba za mu gama sauran cikin, Alhamis a buga bango 600, a bar Juma'a don naɗewa, ɗinkewa da ƙusar takarda biyu biyu, datse baki da ɗaurewa hamsin hamsin cikin kwali. Kwalayen za su bi motar asuba ta Asabar, ta hanyar Doso, Dogonduci da Ƙonni, su sauka tashar Tahoua da yamma. Da wutar gari za ta daidaita, za mu iya gamawa Alhamis, amma gara mu faɗi ranar da muke da tabbacinta. Asabar ɗin kuma za ta ba ku damar raba wa wakilan ƙauyuka da za su shigo kasuwar Lahadi.

Kuɗin hayar gurub, gazuwal da takardar da ta lalace duk a kanmu suke. Kuɗin mota ma, da a yarjejeniya ku ne za ku biya, mun ɗauke muku. Cikon kuɗin aiki sai kun karɓi kaya kun ƙirga.

Abu biyu muke roƙo. A duba samfurin bango da ke cikin WhatsApp ɗinka, musamman sunan ƙungiya da hoton rudun, a ba mu amsa kafin azahar ta Laraba, domin in ta wuce haka bugun Alhamis zai gurgunce. In hoton ya ƙi buɗewa saboda rezo, a kira mu, mu karanto rubutun ta waya. Sannan a turo mana suna da lambar wanda zai karɓi kwalayen a tasha, mu rubuta a jikinsu.

In akwai taron da ba zai jira Asabar ba, a gaya mana yau. Za mu iya fara haɗa 200 mu sa su a motar asubar Juma'a, ragowar 400 su biyo ranar Asabar.

Allah ya huci zuciyarka, ya bar zumunci. A gaishe mana da sauran ƴan kwamiti.

Naka,
Mai kula da sashen bugu